Manhajar Kasuwa Uku da Ban Gama Ba

Da na gama hidimar ƙasa na dawo gida Anka, abin da na mallaka bai wuce takardar shaidar karatun kwamfuta da wata tsohuwar laftof mai zafi kamar dutsen guga ba. Mahaifinmu ya riga ya rasu tun ina sakandare, gidan ya rage daga Inna sai ƙannena mata biyu. Ɗakin zaure aka share mini. A nan nake wuni ina aika takardun neman aiki duk inda na ga ana son mai rubuta manhaja, ko a Abuja ne, ko Kaduna, ko Legas.

Masu ɗaukar irin wannan aiki ba su cika damuwa da takardar makaranta ba. Abin da suke tambaya shi ne me ka taɓa ginawa da hannunka. Akwai shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu a intanet, kowa na iya shiga ya karanta kod ɗin da ka rubuta, ya ga ranar da ka fara da duk gyaran da ka yi. Tarin ayyukan nan shi ake kira fotfoliyo. Ni ma ina da nawa, kuma a lokacin ina ganin ya cika ya batse. Akwai manhajar tsara ayyukan yini, akwai ta duba yanayin sama, akwai ta sayen tikitin silima. Dukkansu daga bidiyon koyarwa na same su. Mai bidiyo ya rubuta layi, in tsayar, in rubuta irinsa, in ci gaba. In na kai ƙarshe sai in canja launi, in sa sunana a ƙasa. Ban ɗauki wannan a matsayin wani abin ɓoyo ba, ina ganin haka kowa ke yi.

Na daɗe ba wanda ya amsa mini. Sai wata rana wani kamfani a Abuja ya ce za a kira ni a waya. Na fita bayan gida inda sabis ya fi ƙarfi, na tsaya ƙarƙashin dalbejiya sanye da riga mai guga, duk da ba ganina za a yi ba. Mace ce ta kira, ita ke shugabantar masu rubuta manhaja a wurin. Muka fara da Turanci, da ta ji harshena sai ta riƙa sako Hausa, irin ta Kano. Ta ce ta buɗe manhajar tikitin nan tawa tana kallo. Ta tambaye ni ko akwai gidan silima a Anka. Na yi dariya na ce babu. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce in gaya mata abin da zai faru idan mutum biyu suka danna kujera ɗaya a lokaci ɗaya. Ban taɓa tunanin haka ba, domin mai bidiyon bai kawo zancen ba. Ta sake tambayar dalilin da ya sa na raba bayanan tikiti da na masu saye a tebur biyu cikin rumbun bayanai. Na fara wani bayani mai tsawo wanda ni kaina ban san inda ya dosa ba, ta bar ni har na gaji na tsaya.

"Ka ga, ba wai aikin ba ya da kyau ba ne," in ji ta. "Amma a makon nan kaɗai na ga wannan manhajar wurin mutane da yawa, har sunan fim ɗin da ke shafin farko iri ɗaya ne. Ban ga inda kai ka yanke shawara ba. Ka gina wani abu naka, wanda wani zai yi amfani da shi, sai mu sake magana."

Da na koma cikin gida Inna na tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta dube ni. Na ce mata sun ce za su neme ni. Ta ce Allah shi sa alheri, ta ci gaba da aikinta. Na shiga zaure na cire rigar, na daɗe zaune ban buɗe laftof ba.

Maganar matar nan ta shige ni, amma na fahimce ta a karkace. Na ɗauka ƙanƙantar ayyukana ce ta raina, don haka na ƙudura sai na gina abin da zai cika ido. Na yi ta juya tunani. Wani abokina da muka yi makaranta tare ya ba ni shawarar in yi taswirar ƙauyukan da gubar dalma ta yi wa ɓarna, Dareta da Abare da 'Yargalma, a danna kowane a ga abin da ya faru. Ya ce ƙungiyoyin agaji za su so irin wannan, kuma su ne ke biyan albashi mai kyau. Na ji daɗin shawarar har na faɗa wa Inna muna cin tuwo. Na manta, ko kuma ban tsaya na tuna ba, cewa ƙanwarta da ke aure a Dareta ta binne 'ya'ya biyu a shekarar da abin ya faru, kuma Inna ce ta je ta zauna da ita. Ta ajiye lomar da ta ɗauka, ta tambaye ni wa zai riƙa danna ƙauyukan. Na ce masu ɗaukar aiki. Ban sake tayar da maganar ba, kuma tuwon nan ban iya gama shi ba.

Daga nan tunanina ya koma kasuwa. Kawuna, yayan Inna, babban ɗan kasuwar hatsi ne a Gummi, yana kuma aika kaya Bukkuyum da Anka. Tun ina yaro nake ganin yadda yake wuni da waya a kunne yana tambayar wa ke da shinkafa, wa ke neman gero, wace mota za ta tashi. Na ce to ga matsala ta gaske. Zan gina manhajar da za ta haɗa kasuwannin nan uku. Mai kaya ya sa hoton kayansa, mai saye ya gani, su yi hira a ciki, a biya a ciki, direba ya ga inda ake neman mota. Da na ƙara tunani sai na ce ai makiyaya ma na kawo shanu, a ba su sashensu. Na zana shafuka a takarda har suka rufe tabarmar zaure. Ban tambayi ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda nake ginawa dominsu ba, har shi kawun.

Na dai gaya masa bayan na fara. Ya zo Anka gaisuwar wata rasuwa, ya leƙo zaure ya tarar da ni gaban laftof, ya tambayi abin da nake yi. Na nuna masa shafin farko, mai ɗauke da babban hoton buhunan shinkafa da sunayen garuruwan uku. Kawu mutum ne da bai yi boko ba amma yana girmama wanda ya yi, kuma shi ya tsaya mini har na gama makaranta. Ya daɗe yana kallon sunan Gummi a kan allo. Ya ce ashe dai karatun bai tafi a banza ba. Kafin mako ya zagayo, rabin 'yan kasuwar hatsin Gummi sun ji cewa ɗan ƙanwar Alhaji na haɗa abin da zai sa a sayar da kaya daga kan gado.

Na shafe watanni a kan aikin nan. Na fara sashen rajista, kafin in gama sai na ga hira ta fi daɗin rubutawa, na koma can. Hirar ta maƙale, na koma taswirar direbobi. Biyan kuɗi kuwa ko hanyarsa ban sani ba, maɓalli kawai na sa mai kyan gani da aka rubuta "Saya" a kansa, ba a haɗa shi da komai ba. Kowane sashe yana da ƙofa, amma in ka shiga babu ɗaki. A shafin ajiyar kod kuma ban ɗora komai ba, ina jira sai ya kammala in ɗora gaba ɗaya. Takardun neman aiki ma na daina aikawa, ina cewa sai na gama. A masallaci mutane suka fara tambayata yaushe za a fara. Wani mai shayi ya laƙaba mini Kasuwa Uku, sunan ya bi ni har wurin ɗaurin aure.

Da kaka ta yi, hatsi ya shigo, Kawu ya kira ya ce ya gaya wa abokansa zan zo in nuna musu ran kasuwa. Na so in ce bai gama ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne saura kaɗan. Ana gobe tafiya na ɗora abin a wata sabar kyauta, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, na buɗe shafin farko a wayata na ga ya fito, na rufe. Ban gwada sauran ba, ina jin tsoron abin da zan gani.

A rumfar Kawu aka shimfiɗa tabarmi. Dattawa ne masu rawani da manyan riguna, wasunsu sun san mahaifina. An kawo lemo, an sa mini kujera a gaba, ni kaɗai a sama su a ƙasa, abin da ya fara takura ni ke nan. Kawu ya gabatar da ni da maganar da har yanzu ba na son tunawa, ya ce wannan yaro shi zai fito da sunan yankinmu. Na ce kowa ya ɗauko wayarsa. Sai a lokacin na lura yawancinsu ƙananan wayoyi ne masu maɓalli. Mutum biyu ne ke da manya. Ɗaya daga ciki, wani Alhaji ɗan Bukkuyum, ya miƙo tasa. Na rubuta adireshin shafin. Sabis ɗin kasuwa a ranar ya yi rauni saboda cunkoso, hoton buhunan nan kuma ban rage masa nauyi ba, sai ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan daga sama kamar ana jan labule. Muka zauna muna kallonsa. Wani ya yi tari, wani ya tashi ya je ya sallami mai saye ya dawo.

Da shafin ya buɗe sai ya nemi a yi rajista da imel. Alhajin ya ce shi ɗansa ne ya saita masa wayar, bai san wani imel ba. Na sa nawa. Shafin ya ce an aika saƙon tabbatarwa, sai an danna shi za a shiga. Na buɗe imel ɗina, babu komai. Daga baya na gano sabar kyautar ba ta barin a aika imel ko kaɗan, abin da gwaji ɗaya zai nuna mini tun a gida. A wurin dai na yi ta sabunta akwatin saƙo. Na ce matsalar sabis ce. Na buɗe laftof don in nuna musu wanda ke cikinta, wanda ba ya buƙatar intanet. Suka matso suka kewaye ni. Kayan gwajin da na zuba tun farko suna nan ban goge ba: wani mai kaya sunansa "aaa", yana sayar da shinkafa mai suna "gwaji gwaji", hotonta kuma hoton ƙafata ne da na ɗauka a zaure don in ga ko ɗora hoto na aiki. Wani matashi a bayan rumfa ya ƙyalƙyale da dariya, aka harare shi.

Alhajin Bukkuyum mutum ne mai kawaici. Ya nuna maɓallin "Saya" da yatsa, ya ce, "To ɗana, mu ga in an taɓa wanga mi za ya yi."

Na san ba abin da zai yi. Duk da haka na danna. Na sake dannawa. Sannan na ce, a hankali, wannan sashen ban haɗa shi ba tukuna. Ya gyaɗa kai ya ce ai komai sannu ake binsa, Allah shi taimaka. Suka yi mini addu'a ɗaya bayan ɗaya suna tashi, kuma addu'ar ta fi mini zagi ciwo. Ban iya duban Kawu ba. Ina jin shi yana tattara kwalaben lemo da kansa, abin da bai saba yi ba. Da ya raka ni tasha sai kawai ya ce in gaida Inna, in ce mata zai aiko da sabuwar shinkafa.

Na dawo Anka na daina fita sai masallaci, shi ma sai an tayar da salla nake shiga, ana sallamewa in fice. Labarin ya riga ni isowa. Inna ba ta tambaye ni ba, amma ta daina cewa ƙannena su yi shiru yaya na aiki. Laftof ɗin ta koma ta kallon fim.

Wata makarantar kuɗi da ke kusa da mu ta rasa malamin kwamfuta, aka yi mini magana. Na karɓa don in samu dalilin barin gida da safe. Shugabar makarantar Kirista ce 'yar Filato, ta shekara da shekaru a Anka har Hausarta ta koma irin tamu. Madam muke ce mata. A lokacin hanyoyi sun fara lalacewa da 'yan bindiga, malamai baƙi na ta komawa garuruwansu. Duk wanda ya tafi sai an raba darussansa ga waɗanda suka rage, sai jadawalin makaranta ya rikice. Sau da yawa nakan tarar da ita a ofis da babban kwali da fensir tana gogewa tana sakewa. Duk da haka ranar Litinin sai ka ga aji biyu sun aiko neman malami ɗaya, aji ɗaya ya wuni yana surutu.

Wata rana ni abin ya faɗa wa, an sa ni aji biyu a firiyod ɗaya, wato lokacin darasi ɗaya. Na je na gaya mata. Ta dafe kai ta ce idonta ya gaji da bin layukan nan, da akwai wanda zai tsaya kusa da ita ya riƙa cewa kin sa wannan a wani wuri, da ta huta. Ban yi mata alkawari ba, don na koyi tsoronsa. Na koma gida na buɗe laftof. Shafi ɗaya na rubuta da yaren kod na JavaScript, ba rajista, ba saba, ba hoto. Tebur ne na ranaku da firiyod, ka sa aji da darasi da malami, in malamin na wani aji a wannan lokacin sai akwatin ya yi ja. Bayanan na zama a cikin burauzar kwamfutar, don haka ko babu intanet yana aiki. Bai tsara jadawali da kansa, gargaɗi kawai yake yi. A ƙarshen mako na gama, na kai mata a filash, 'yar na'urar ajiyar fayil, na zuba a tsohuwar kwamfutar ofis. Ina miƙawa ina jin kunyar ƙanƙantarsa, har na ce mata ba wani abu ba ne, wasa ne kawai.

Ta fara amfani da shi, nan da nan ta fara kawo ƙara. Ranar Juma'a ana tashi da wuri saboda masallaci, amma tebur ɗina ya ba Juma'a firiyod daidai da sauran ranaku. Na gyara, kowace rana ta samu nata adadin. Sai kuma wani cin karon darussa ya wuce akwatin bai yi ja ba, aka sake neman malami ɗaya a aji biyu. Na bincika na ga ta rubuta sunansa a wuri ɗaya da "Malam", a wani wurin da "Mal.", manhajar ta ɗauka mutum biyu ne. Na daina barin a rubuta suna da hannu a kowane akwati, na sa a shigar da malamai sau ɗaya, kowa da lambarsa, sai a riƙa zaɓa. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne darasin addini. A wannan firiyod aji kan rabu biyu, Musulmi su bi malaminsu, Kiristoci su bi nasu, ni kuwa na gina abin a kan cewa aji ɗaya malami ɗaya. Sai da na sake tsarin bayanan tun daga tushe. Da na sake, gyaran Juma'a ya lalace ban sani ba. Wannan ne ya sa na koyi rubuta gwaje-gwaje, ƙananan kod da ke jarraba manhajar da kansu, duk lokacin da na taɓa wani abu in kunna su in ga ko na ɓata wani wurin.

Akwai ranar da na shiga ofis na tarar da ita tsaye gaban allo, tebur ɗin fayau babu komai. Wani malami ya share tarihin burauza da duk ajiyarta don kwamfutar ta yi sauri, aikin da ta yi na zangon gaba ɗaya ya tafi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, da ka gaya mini yana iya ɓacewa, da ban jefar da kwalina ba," in ji ta.

Na zauna tare da ita muka sake shigar da komai daga kofen da aka manna a bangon ajujuwa. Kafin in kwanta a ranar na sa maɓallin da ke fitar da jadawalin zuwa fayil, da wanda ke dawo da shi. Na nuna mata yadda za ta ajiye fayil ɗin a filash.

A wannan karon duk gyaran da na yi nakan ɗora shi a shafin ajiyar kod in na samu data, tare da layi ɗaya na dalilinsa. Ba don masu ɗaukar aiki na yi ba, don kada ni ma in rasa aikina ne. Sai da zango ya ƙare, Madam ta ce wata ƙawarta mai makaranta a Gummi na son irinsa, sannan na tsaya na dubi abin da idon baƙo. Na rubuta taƙaitaccen bayani a gabansa: matsalar da yake warwarewa, yadda ake kunna shi, hoton allo, da abin da bai iya yi ba. Na sa sunayen malamai na ƙirƙira a misalin, na ɗora shi inda kowa zai iya buɗewa ya gwada ba tare da rajista ba. Manhajojin nan da na kwafa daga bidiyo na ɓoye su duka. Ta kasuwa kuwa ko ɗora ta ban yi ba. Fotfoliyona ya koma abu ɗaya tal, kuma duk lokacin da na buɗe shafin sai in ji kamar na je biki da riga ɗaya.

Na sake rubuta wa matar Abuja, ban samu amsa ba. Wasu wurare ma shiru. Wani ƙaramin kamfani a Kaduna da ke yi wa asibitoci da makarantu manhaja ne ya kira ni intabiyu. Mutum biyu suka zauna da ni, sun riga sun karanta tarihin gyare-gyarena. Kusan duk hirar a kan darasin addini aka yi ta da ranar da jadawali ya ɓace. Suka tambayi me ya sa ban sa saba ba, na ce ofishin ba intanet. Suka ce in ƙara wani abu a gabansu, a hana sa malami firiyod huɗu a jere. Na fara, na yi kuskure, gwajin ya kama, na gyara. Ɗayansu ya lura da tazarar da ke cikin takardata, ya tambayi me na yi a watannin da suka gabaci koyarwa. Na ce na gina wani babban abu da bai yi aiki ba. Ya ce in ba su labari. Na ba su a gajarce, ban sa hoton ƙafar ba. Suka ɗauke ni gwaji na wata shida, da albashin da zai ishi haya da abinci.

Inna ta ce ba zan tafi ba sai na je na yi wa Kawu sallama. Tun ranar nan ban taka Gummi ba, in ya zo Anka kuma gaisuwa kawai muke yi in zame. Na so in same shi a gida, amma motar ta makara, sai a rumfa na tarar da shi, da wasu daga cikin dattawan nan a zaune. Na durƙusa na gaishe su. Kawu ya tambayi wane irin aiki ne, me kuma na nuna musu har suka ɗauke ni. Na ce wani ɗan abu ne na tsara darussan makaranta. Ya jira in ci gaba, ni kuwa babu ci gaban da zan yi. Wani dattijo ya tambaya ko shi ne na kasuwar. Kafin in buɗe baki Kawu ya amsa masa.

"A'a, wani ne daban. Wanga yana aiki, malamai na amfani da shi har nan Gummi."

Ashe ya riga ya ji, ban san ta wace hanya ba. Ya juya ya ci gaba da maganar wata mota da ta lalace a hanyar Bukkuyum da kayansa a ciki. Na zauna a gefen tabarma har la'asar ina sauraro, ba wanda ya sake bi ta kaina. Da na tashi tafiya ya sa aka ɗaura mini rabin buhun shinkafa a babur zuwa tasha, ya ce in na isa Kaduna in nemi ɗaki kusa da wurin aiki, kada in riƙa makara.